“Kuna Shida?”: Tambayar da Ta Sa Jirgin Zanzibar Ya Tashi Ya Bar Alhaji

A ƙaddara wani ɗan kasuwa Bakano, mai sayar da kayan ƙamshi a Kasuwar Kurmi, ya je Dar es Salaam, babban birnin ciniki na ƙasar Tanzaniya. Ya kwana biyu yana zaga Kariakoo, unguwar da ta fi kowace hada-hada a birnin, sai ya ce ba zai koma gida ba sai ya taka Zanzibar, tsibirin da sunansa ke tafiya tare da kanumfari. Tsakanin birnin da tsibirin tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ruwa mai gudu. Tare da shi akwai ƙaninsa, da ɗansa, da yaron shagonsa, da abokan ciniki biyu. Ɗan ne kaɗai mai Turanci sosai a cikinsu, kuma shi aka tura tagar tikiti.

Da hantsi suna tsaye a bakin ƙofar tashar. Alhaji yana cikin babbar riga, sauran kuwa riga da wando. Yaron shago ya riƙe masa jaka, ƙanin ya karɓi fasfonsa yana dubawa, abokan nan biyu sun sa shi a tsakiya suna gardamar canji da ƙarfi, irin yadda aka saba a gida. Wani matashi mai gadin ƙofa ya daɗe yana kallonsu. Can ya matso, ya ɗan rusuna wa dattijon, ya ce, “Kuna shida?”

Alhaji ya washe baki. Ya sha gamuwa da masu jin Hausa a wuraren da bai zata ba, a Makka da Madina da Jidda, saboda haka bai yi mamaki ƙwarai ba. Hausar dai ta ɗan karkace, don ɗan gida zai ce “ku shida ne?”, amma wa ke tsananta wa baƙon harshe? Ya ƙirga a ransa, ya ga lallai su shida ne. Ya ce, “Na'am, shida.”

Fuskar saurayin ta sauya. Ya ce, “Shida gani?”

Alhaji ya ji “shida”, ya ji “gani”. Wato yaron yana so ya gan su da idonsa ke nan. Sai ya ɗaga yatsa ya fara nuna su ɗaya bayan ɗaya: mai riƙe da jaka, mai riƙe da fasfo, na dama, na hagu, da wancan da ke tagar tikiti da kuɗinsa a hannu. Kafin ya sauke hannu mai gadin ya yafuto abokan aikinsa. Aka karɓe jakar aka miƙa wa Alhaji, aka karɓe fasfon, aka tisa ƙeyar mutum huɗu zuwa gefe, aka je taga aka taho da na biyar. Ƙanin yana cewa, “Yaya, me ka gaya musu?” Alhaji yana rantsuwa cewa bai faɗi komai ba sai yawansu. Ɗan ya yi ta bayani da Turanci, amma an riga an ji daga bakin dattijon da kansa, kuma a tashoshi irin wannan ba a rasa 'yan cuwa-cuwa da ke kewaye baƙo su ce su ne za su sayo masa tikiti. Suna cikin haka jirgin ya yi ƙugi ya tashi.

Wani tsoho mai farar jallabiya da hula, wanda ke jiran jirgi na gaba, shi ya raba gardamar. Ya yi wa Alhaji sallama, ya jarraba shi da Larabci: akwai mushkila ne? Alhaji, da ɗan abin da ya samu a makarantar ilimi da zuwa Umra, ya ce babu mushkila ko kaɗan, an tambaye shi ko su sitta ne, ya ce i. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya juya ya yi wa masu gadin bayani, su ma suka fashe da dariya, suka shiga ba da haƙuri.

A harshen Suwahili “shida” na nufin matsala, ko wahala, ko damuwa. “Kuna” kuwa na nufin “akwai”. Abin da saurayin ya tambaya shi ne, “Akwai matsala?”, kuma tambaya ce ta yau da kullum da ake jefa wa duk wanda aka ga ya tsaya cirko-cirko. Alhaji ya amsa da “na'am”, wadda ita ma Suwahili ke da ita da ma'anarta ta amsawa, don haka abin da ya shiga kunnen saurayin shi ne, “I, matsala.” “Gani” a Suwahili ita ce “wace” ko “wane”. Da aka ce “shida gani?”, an ce masa ne “wace matsala?”, shi kuwa ya nuna mutum biyar da yatsa. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi wauta. Da saurayin yana son sanin yawansu ne, da cewa zai yi “mko wangapi?”, ku nawa ne, amsar kuma ita ce “tuko sita”, mu shida ne.

Masana harshe suna da suna ga irin waɗannan kalmomi. A 1928 wasu Faransawa biyu, Maxime Koessler da Jules Derocquigny, suka fitar da littafi kan kalmomin Ingilishi da ke yaudarar masu fassara zuwa Faransanci, suka kira su da sunan da za a iya mayarwa Hausa da “abokan ƙarya”. Sunan ya bi duniya. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen tun da daɗewa da ya ce kama da wane ba ta wane.

Abin da ya sa wannan nau'in kuskure ya fi rashin sani haɗari shi ne ba ya sanar da kansa. Wanda aka yi wa magana da kalmar da bai taɓa ji ba, zai ɗaga kafaɗa, ko ya nemi tafinta, ko ya yi shiru. Wanda ya ji kalmar gidansu kuwa zai amsa nan take, da ƙarfin zuciya, har da murmushi. Shi ma mai tambayar ba shi da dalilin yin shakka, tunda an maimaita masa kalmarsa daidai. Da Alhaji bai ji komai ba, da ya ce “sielewi”, ban gane ba, da maganar ta mutu a nan.

To me ya haɗa Hausa da Suwahili har kalmominsu ke cin karo haka? Ba dangi ba ne. Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshen babban gidan da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da Amhara da harsunan Buzaye. Suwahili kuwa harshen Bantu ne, ɗan'uwan Zulu da Lingala da Kinyarwanda, kuma mahaifarsa gaɓar tekun Indiya ce, daga kudancin Somaliya zuwa arewacin Mozambik. Sunansa ma daga Larabci ya fito, “sawahil”, wato gaɓoɓin teku, jam'in kalmar nan da ta ba mu sunan yankin Sahel. Nahawunsu ya sha bamban. Hausa tana raba sunaye gida biyu, namiji da mace, Suwahili kuwa ba ruwansa da jinsi, yana raba sunaye rukuni-rukuni ta hanyar ɗafa musu harafi a goshi: “mtu” mutum, “watu” mutane, “kitu” abu, “vitu” abubuwa.

Sai dai bakinsu ya yi kama. Dukansu suna da wasula biyar, dukansu suna son gaɓa mai baƙi ɗaya da wasali ɗaya, dukansu suna ƙare kusan kowace kalma da wasali. Ana iya yin ɗan lissafi na kintace a ga inda hakan ke kaiwa. A ce kowane harshe yana da baƙaƙe 25 da wasula 5. Gaɓoɓin da za a iya ginawa ke nan 125. Kalma mai gaɓa biyu kuwa, 125 sau 125, wato 15,625. In kowanne daga cikin harsunan biyu ya ɗebi 2,000 daga wannan rumbu ba tare da sanin ɗayan ba, lissafi na nuna cewa kalmomi wajen 256 za su zo iri ɗaya, ba don wata dangantaka ba, sai don wurin ya yi kaɗan. Alƙaluman misali ne kawai, amma sun isa su nuna cewa dacewar ba abin al'ajabi ba ce. Da ba a same ta ba, shi ne za a yi mamaki.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa Alhaji ruɗu, wanda rubutu ba ya nunawa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko sauka, kuma da wannan ne Bahaushe ke rarrabe kalmomi masu haruffa iri ɗaya. Suwahili ba shi da karin sauti irin wannan, yana dai danna gaɓar da ke kusa da ta ƙarshe. A kalma mai gaɓa biyu, ta farko ke nan. Kunnen Bahaushe yana jin wannan dannawar a matsayin hawa sannan sauka, kuma haka “shida” ta Hausa take, haka “kuna” take. Saurayin ya furta kalmomi biyu na harshensa, suka faɗo daidai kan waƙar Hausa ba tare da ya sani ba.

Wanda ya ƙara kwana a can zai yi ta tuntuɓe da irinsu. “Duka” a Suwahili kanti ne, don haka allon da aka rubuta “duka la dawa” a kansa ba ya maganar bugu, ba ya maganar hatsi, kantin magani ne, don “dawa” magani ce kamar a Larabci. “Gari” mota ce, kalmar da ta zo daga Indiya, inda alaƙar ciniki ta teku ta daɗe, kuma Turawan Ingila suka kwaso dubban leburori Indiyawa don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901. “Kaka” kuwa wa ne, yaya namiji, kuma da shi ake kiran duk saurayin da ba a san sunansa ba. Ɗan Alhaji, mai shekara ashirin da 'yan kai, zai yini ana ce masa kaka a kasuwa. Waɗannan ba su cika jawo rigima ba, domin ma'anar Hausar ba ta zauna a wurin. Ba wanda zai yarda cewa direba yana gayyatarsa ya shiga cikin garin masara. Tarkon yana kamawa ne idan ma'anar gida ta dace da halin da ake ciki, kamar yadda ta dace a bakin ƙofar nan, inda aka yi rashin sa'a mutanen suka kasance shida cif. Da su bakwai ne, da Alhaji ya ce a'a, da sun kama jirginsu.

Rukuni na biyu ya fi wannan zurfi, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ke sa matafiyi ya saki jiki tun farko. Hausa da Suwahili sun sha daga rijiya ɗaya, wato Larabci. Hausa ta same shi ta hamada, ta hannun fatake da malamai da littattafan addini. Suwahili ya same shi ta teku, ta hannun 'yan kasuwar Yaman da Oman da ke bin iskar damina da jiragen filafilai, kuma tasirin ya ƙaru ƙwarai bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840. Harsunan biyu an rubuta su da ajami kafin boko. Su biyun kuma BBC ta fara watsa shirye-shirye da su a shekara ɗaya, 1957, Hausa a watan Maris, Suwahili a watan Yuni.

Saboda wannan gadon, Bahaushen da ya sauka Dar es Salaam yana samun kyautar kalmomi masu yawa tun ranar farko. A kasuwa zai ji “ishirini”, “thelathini”, “arobaini”, “hamsini”, “sitini”, ya gane farashi ba tare da tafinta ba. Zai ji “dunia”, “hatari”, “sababu”, “kaburi”, “Alhamisi”, duk su zo daidai da abin da ya sani. Bayan kwana biyu yana cin nasara haka, dole ya fara ɗaukar cewa duk kalmar da ta yi kama da tasa tasa ce. Alhaji bai faɗa ramin don jahilci ba, ya faɗa ne don sau ashirin kafin nan hasashensa yana fita daidai.

Amma akwai wata alama da mai lura zai iya riƙewa. Kalmomin da suka fito daga tushe ɗaya na Larabci sau da yawa ba sa zuwa iri ɗaya sak a harsunan biyu, domin kowane harshe ya tauna su da irin haƙoransa. Hausa ta saba haɗiye “al” ɗin Larabci tare da kalmar, Suwahili kuwa yawanci yana yar da shi. Daga “al-kitab” Hausa ta sami littafi, Suwahili ya sami “kitabu”. Daga “al-waƙt” muka sami lokaci, suka sami “wakati”. Muna cewa alƙalami, suna cewa “kalamu”. Muna cewa labari, suna cewa “habari”, wadda ita ce gaisuwarsu ta kullum. Hankali a wurinsu “akili” ne. Ke nan 'yan'uwan gaskiya sukan zo da 'yar sauyawar kama, sai an ɗan yi tunani kafin a gane su. Kalmar da ta zo daidai wa daida, harafi da harafi, gajera mai gaɓa biyu, ita ce ta fi cancantar a yi mata kallon tuhuma. Ba doka ce marar togiya ba, “na'am” da “baba” sun zo daidai kuma ma'anarsu ɗaya, amma ta isa ta sa mutum ya dakata.

“Shida” ta Suwahili ma Balarabiya ce. Asalinta “shidda”, tsanani, daga tushen da ya ba da “shadid”, kalmar da duk wanda ya yi karatun allo ya sha bi ta kanta. Lambar shida kuwa a Suwahili “sita” ce, daga “sitta”. Wannan ne ya sa tsohon nan ya warware rikicin cikin numfashi biyu: da aka koma Larabci, kalmomin biyu da suka haɗe a kunne suka rabu, mushkila gefe, sitta gefe.

Wasu kalmomin kuwa tushensu ɗaya ne da gaske, amma ma'anar ta yi rassa a hanya, kuma su ne suka fi shafar ɗan kasuwa. “Haraka” a Larabci motsi ne. Hausa ta ɗauke ta ta mayar da ita harka, wato sha'ani ko sana'a. Suwahili ya ɗauke ta ya mayar da ita gaggawa. Dillalin da ya ce wa baƙo “nina haraka” yana cewa ne sauri yake yi, a taƙaita. Bahaushe zai iya jin kamar an ce masa akwai wata harka, ya gyara zama. “Shauri” shawara ce, amma “shauri yako” ba girmamawa ba ce ta cewa shawara tana hannunka. Ma'anarta ta fi kusa da “ruwanka”, ko “kai ka jiyo”, kuma mai faɗinta ya zare hannunsa ke nan. “Marahaba” da maraba tushensu ɗaya, sai dai a can ba a tarbar baƙo da ita, “karibu” ake cewa. Amsa ce da babba ke bai wa ƙarami idan ya gaishe shi da “shikamoo”. Saurayin da ya ce wa dattijo “marahaba” da niyyar yi masa maraba ya ɗora kansa a matsayin uba.

Mafi nauyi a cikinsu ita ce riba. A bakin ɗan kasuwar Kano riba ita ce abin da ya hau kan uwar kuɗi bayan an sayar, halal ce, ita ake fita nema. A Suwahili wannan sunanta “faida”. “Riba” a can kuɗin ruwa ne, abin da banki ke ɗorawa a kan bashi, abin da shari'a ta hana. Larabci yana da kalmomi biyu mabambanta, “ribh” ta cin kasuwa da “riba” ta bashi, Hausa ta karɓi duka biyun tana rarrabe su da tsawon wasali da karin sauti, Suwahili kuwa ta biyun kaɗai ya sani da wannan suna. A ce Bahaushe ya bar wa wani Musulmin Zanzibar kaya bashi, ya ce masa idan ya sayar sai su raba riba. Mutumin zai iya ɗaure fuska, ko ya janye daga cinikin, shi kuwa baƙon ya tafi yana zaton farashin ne bai yi ba.

A koma tashar jirgi, domin ranar ba ta gama da Alhaji ba. Da aka sasanta, aka sake musu tikiti, ma'aikacin ya ce jirgi na gaba “saa sita na nusu”. Alhaji, wanda yanzu ya haddace cewa “sita” ita ce shida, kuma ya gane “saa” sa'a ce, “nusu” rabi ne kamar a Larabci, ya juya ya ce wa mutanensa sai shida da rabi na yamma, a koma masauki a huta. Kowace kalma ya fassara ta daidai. Ɗansa ne ya duba takardar ya ce, “Baba, 12:30 fa aka rubuta.”

Masu Suwahili suna fara ƙirga awannin yini daga fitowar rana, ba daga tsakar dare ba. Ƙasashensu suna dab da tsakiyar duniya, inda rana ke fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, saboda haka tsarin ya zauna musu daidai. Ƙarfe bakwai na safe shi ne “saa moja”, awa ɗaya da wayewar gari. Ƙarfe takwas “saa mbili”. Tsakar rana, sha biyu, ita ce “saa sita”. Da faɗuwar rana sai a sake sabon ƙirge na dare, ƙarfe bakwai na dare ya zama “saa moja usiku”. Hanyar juyawa ba wuya: a duba lambar da aka faɗa a fuskar agogo, a ɗauki wadda ke fuskantarta. Ɗaya tana fuskantar bakwai, uku tana fuskantar tara, shida tana fuskantar sha biyu. Mutanen Habasha ma haka suke ƙirgawa, abin da ya kamata mai yada zango a Addis Ababa ya sani.

A cikin maganar lokaci akwai wasu 'yan'uwan da ma'anarsu ta goce. “Asubuhi” ba asuba ba ce kaɗai, safiya ce gaba ɗayanta har hantsi ya ɗaga. Lokacin da Bahaushe ke kira asuba su “alfajiri” suke cewa. Wanda aka ce wa ya zo “saa tatu asubuhi” ana jiransa ne ƙarfe tara na safe, ba ƙarfe uku na dare kafin kiran assalatu ba. “Juma” kuwa mako ne, ranar Juma'a “Ijumaa” ce, kuma daga ita suke ƙirga sauran kwanaki: Asabar “Jumamosi”, ta farko, Lahadi “Jumapili”, ta biyu, har zuwa Laraba “Jumatano”, ta biyar. Kwana biyar a cikin bakwai suna farawa da abin da kunnen Bahaushe ke ji a matsayin Juma'a.

Yaya mutum zai gane ya taka irin wannan? Alamar farko tana fuskar abokin magana. Idan tambaya ta yi kama da ƙarama, amsa ma ƙarama, amma fuskar mai tambaya ta sauya fiye da kima, to akwai kalmar da ta ci amana. Alhaji ya ga saurayin ya ɗaure fuska da jin “na'am, shida”, kuma yawan mutane ba abin ɗaure fuska ba ne. A nan ya kamata ya tsaya. Alama ta biyu ita ce jimla guda ta Hausa tsantsa daga bakin wanda bai yi sallama da Hausa ba, bai ce sannu ba, bai kuma ƙara wata Hausar a bayanta ba. Mai jin Hausa na gaske da ya ga babbar riga a bakin tekun Indiya ba da ƙidaya zai fara ba, da gaisuwa zai fara. Gwajin kuma mai sauƙi ne, a mayar masa da wata Hausar, a ce “ina kwana?”, a ga ko zai amsa. Game da lamba da lokaci da kuɗi kuwa, abin da 'yan kasuwa suka saba yi da kalkuleta shi ne daidai: a rubuta, a nuna, a ga an gyaɗa kai. Tambayar “maana yake nini?”, mece ce ma'anarsa, ba ta da wuyar riƙewa ga Bahaushe, tunda “maana” ita ce ma'anarmu.

Hanyar kuma ba ɗaya ba ce. Kamar yadda Suwahili ke faɗowa cikin kunnen Bahaushe da wata ma'ana, haka Hausa ke faɗawa cikin nasu. Akwai kalma guda da Bahaushe ba ya jimla uku bai faɗe ta ba, wato “kuma”. A Suwahili wannan sunan al'aurar mace ne, a mafi munin lafazi, kuma da ita ake ɗura ashar. Hausawa biyu da ke hira da ƙarfi a cikin “daladala”, ƙananan motocin haya na Dar es Salaam, za su iya ganin mata suna kawar da kai, samari suna ƙunshe dariya, dattijo yana harararsu, su rasa laifin da suka yi. Ba a iya cire kalmar daga Hausa, amma a cikin taro ana iya sassauta murya, ko a musanya ta da “sannan” ko “har wa yau” inda suka dace, musamman a gaban manya da cikin masallaci.